Kashi Ashirin da Mari Uku

A makarantarmu ta Dutsin-Ma akwai wata al'ada wadda in na ba yaran yanzu labarinta sai su ɗauka ƙari nake yi. In malami ya yi tambayar lissafi, duk wanda ya faɗi sai ya miƙe tsaye, wanda ya ci kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana mari. Malam na zaune yana kallo, ɗan'uwanka ne zai mare ka. In ka tausaya wa wani ka shafa masa kunci kawai, kai za a juya a mara don a nuna maka yadda ake yi. In kuma waɗanda suka ci suna da yawa, malam ya zaɓi mutum ɗaya, kuma kusan kullum monita yake zaɓa.

Wannan a 'yan shekarun farko ne bayan samun 'yancin kai, muna aji bakwai, mu ashirin da huɗu, ana shirya mu don jarrabawar shiga sakandare. Ni daga Kurfi aka kawo ni, ina kwana a makaranta, kuma ni ne mafi ƙanƙanta a ajin. Monitan namu ɗan gari ne, ubansa babban mai sayar da hatsi a kasuwa. Ya girme mu da shekara uku ko fi, har gashin baki ya fara tsiro masa, tafin hannunsa kuwa kamar marar kwasar tuwo. Mu da muka zo daga Kurfi da Birchi da Rawayau, duk 'yan ƙauye yake kiranmu, kai ka ce shi daga Ikko aka sauke shi. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da saurin lissafi. Abin da ya sa na tsane shi shi ne kafin ya mari mutum sai ya tsaya ya naɗe hannun riga, ya hura tafinsa, yana murmushi.

Ranar da abin ya faru, malamin lissafi ya zana mana giraf a allo. Haka yake kiransa, mu kuma a tsakaninmu muna ce masa sanduna, don sanduna ne a tsaye, wata ta fi wata tsawo. A ƙasa ya rubuta shekara ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A gefen hagu ya ja layuka da rula, daga sifiri zuwa sama, kowane layi buhu goma na gyaɗa. Sai ka ɗora ido a kan sanda, ka bi layin zuwa hagu, ka karanta. Sandar farko ta tsaya a arba'in, ta biyu a hamsin, ta uku ta dawo arba'in.

Tambayar farko ba ta ba kowa wuya ba. Daga shekara ta ɗaya zuwa ta biyu, da kashi nawa cikin ɗari gyaɗar ta ƙaru? Bambanci goma ne. Goma bisa arba'in, sau ɗari, ashirin da biyar. Malam ya ji daɗi, ya ce bari ya ba mu gajeriyar hanya don kada mu ɓata lokaci ranar jarrabawa. Ya rubuta da manyan baƙaƙe: bambanci a sama, ƙaramin adadi a ƙasa. Ya sa muka maimaita sau uku kamar waƙa.

Sai tambaya ta biyu. Daga shekara ta biyu zuwa ta uku, da kashi nawa ta ragu? Kowa ya sunkuya ya rubuta. Ni ban bi waƙar ba, ba kuma don wayo ba. A kaina na ga buhu hamsin a jere, na ga an ɗauke goma, na ce goma cikin hamsin ai ɗaya cikin biyar ne. Na rubuta ashirin.

Monita ya fara faɗin tasa, ya ce ashirin da biyar. Malam ya ce madalla, wanda bai samu haka ba ya miƙe. Na miƙe, na waiwaya, na ga ni kaɗai ne a tsaye.

Da na yi shiru, da mari ɗaya zan sha in zauna. Amma bakina bai taɓa sanin lokacin shiru ba. Na ce, "Malam, ai daga hamsin ta sauko. Goman nan cikin hamsin aka hidda ta."

Malam ya ce, "Goman da ta hau ba ita ce ta sauka ba?"

"Ita ce, Malam."

"To, mi zai sa ta hau da ashirin da biyar ta sauka da ashirin? Sauran biyar ɗin kai ka cinye?"

Aji ya fashe da dariya. Na sake buɗe baki, Malam ya ɗaga hannu ya ce tunda ni na zo koya masa aiki, monita ya yi mini ɗaya na faɗuwa, biyu na gardama. Monita ya taso daga bencin baya ba ya ko sauri. Ya naɗe hannun riga, ya hura tafi. Na farko na ga wuta. Na biyu ban san lokacin da ya sauka ba. Kafin na uku ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Ɗan ƙauye, ƙirga wanga cikin ɗari." Kunnena na hagu ya yini yana ƙara, shatin yatsunsa kuwa sai da ya kwana biyu a fuskata.

Ban yi kuka ba, kuma har yau ina alfahari da wannan. Amma tun daga lokacin ban ƙara jin daɗin komai ba. In na ga monita ya wuce yana kaɗa makullin kabad, sai in ji zuciyata na tafarfasa. Ba haƙuri nake so a ba ni ba, ban ma damu Malam ya gane kuskurensa ba. Fuskar monita nake so, a gaban aji, da izinin malami, shi kuma yana tsaye hannu a baya ba shi da ikon kaucewa. Faɗa a bayan makaranta ba zai yi mini ba, don zai yi mini dukan tsiya ya ƙara da dariya.

Sai dai akwai abin da ke damuna a ɓoye. Mutum ashirin da uku da malami guda sun ce ashirin da biyar. Idan fa ni ne ban gane ba?

Ƙarshen makon aka ba mu hutun kwana uku na tafi Kurfi. Mahaifiyata tana sayar da dawa da gero a cikin gida, da tiya take awo, ba ta taɓa riƙe fensir ba. Na tarar da ita tana auna wa wata maƙwabciya. Da matar ta fita, na durƙusa kusa da buhun na ce, "Inna, in kina da tiya huɗu aka ƙara maki ɗaya, nawa aka ƙara cikin abin da kike da shi?"

Ta ce, "Ɗaya bisa huɗun mana."

"To in biyar gare ki, aka ɗebe ɗaya hwa?"

Ta dube ni kamar mai duban wanda zazzaɓi ya taɓa wa kai. "Ɗaya cikin biyar ta tahi. Kai, abin da ake koya maku ke nan a can?"

"Ba ɗaya cikin huɗu ba?"

"Wane huɗu? Sa'ad da aka ɗiba ai biyar ne a ƙwaryar. Tashi ka ba ni wuri, ɗan nan, ka zauna min kan faifai."

Ɗaya cikin huɗu ashirin da biyar ne cikin ɗari, ɗaya cikin biyar kuma ashirin. Na fita bayan gida inda ake tara karan dawa na zauna ina dariya ni kaɗai. A nan na ga inda waƙar Malam ta ɓalle. In abu ya hau, ƙaramin adadi shi ne na farko, don haka waƙar take cin daidai. In ya sauko, na farkon shi ne babba, waƙar kuwa ba ta san da haka ba. Abin da ake rabawa da shi shi ne inda aka taso, babba ne ko ƙarami. Na ɗebi tsakuwa na yi ta jarrabawa da adadi iri-iri, har na faɗa kan wani misali da ya sa na miƙe tsaye don murna. Na adana shi a raina ban faɗa wa kowa ba.

Da muka koma makaranta na zama yaron kirki. In Malam ya sa waƙar, muryata ta fi ta kowa tashi. Ya ƙara ba mu giraf biyu a makon, duka masu hawa ne, duka na ci, har ya ce ga shi mari ya buɗe mini kai. Na ce na gode, Malam. Abin da nake jira shi ne ƙarshen wata, don a ranar Alhamis ta ƙarshe hedimasta da kansa yake shigowa aji bakwai ya gwada mu, kuma shi ma da al'adar marin yake aiki.

Akwai abu guda da na yi a tsakanin nan wanda ba zan ɓoye ba. Ina da aboki ɗan Birchi, gadonmu na kusa da juna, da shi muke raba ƙuli-ƙulin da ake aiko mana daga gida. Wata rana muna wanki a bakin rijiya ya ce mini, "Ka san na yi ta tunanin sandunan nan? Ni hwa ina ga kai ke da gaskiya. Da ashirin na hwara rubutawa, na ga na kusa da ni ya sa ashirin da biyar, na goge."

In mu biyu muka ci a gaban hedimasta, yana iya zaɓarsa ya bar ni, shi kuwa mutum ne mai sanyin hannu, zai ɓata mini komai. Na matse rigar da ke hannuna na ce, "A'a, na tambayi wani malami a Kurfi, ya ce Malam ne daidai. Ƙarami a ƙasa, ko hawa ko sauka." Ya ce to, Allah ya sa mu dace. Na ce amin, ko idona bai ƙifta ba.

Ranar Alhamis ɗin hedimasta ya shigo bayan tara. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, kuma mun fi tsoronsa a kan duk masu ihu. Malamin lissafi ya ba shi kujera ya koma jikin taga ya tsaya. Kamar yadda ya saba, hedimasta ya tambaya ina ne ya fi ba mu wuya a watan. Ba wanda ke amsa wannan tambayar, don wanda ya amsa ya jawo wa aji aiki. Na ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, giraf. In abu ya sauko."

Na ji wani ya yi tsaki a baya. Hedimasta ya ɗauki alli ya zana, amma ba sanduna ba, ɗigo-ɗigo ya yi ya haɗa su da layi. A ƙasa watanni huɗu, a gefe adadin shanun da aka kawo wata kasuwa, kowane layi shanu ashirin. Ya ce mu lura, layin ba goma-goma ba ne. Ɗigon wata na biyu yana kan layi na huɗu, tamanin ke nan. Na wata na uku yana kan layi na uku, sittin. Ya ce daga wata na biyu zuwa na uku, da kashi nawa cikin ɗari shanun suka ragu.

Na sunkuya na rubuta. Tamanin a cire sittin, ashirin. Ashirin bisa tamanin, ɗaya cikin huɗu, ashirin da biyar. Na kife littafin na rufe shi da gwiwar hannu don kada na kusa da ni ya leƙa.

Monita ya riga kowa ɗaga hannu. Ya miƙe yana gyara wuyan riga ya ce talatin da uku da sulusi. Har da sulusin ya ja, don a san shi ba ya barin ragowa. Hedimasta ya ce wa ya samu haka. Hannuwa suka tashi, har da na abokina. Mutum biyar ko shida sun samu wasu abubuwan daban, don sun rikice wajen rabawa. Sannan ya zo kaina.

"Ashirin da biyar, ranka ya daɗe."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Zo ka nuna mana."

Na je allo na nuna tamanin na ce daga nan aka taso, don haka da shi za a raba. Monita bai bari na gama ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarami ake sawa a ƙasa. Wancan karon ma haka ya yi gardama aka mare shi." Allah ya saka masa, da bakinsa ya tona. Hedimasta ya ce wane karon, monita ya kwashe labarin arba'in da hamsin ya faɗa masa tas, yana jiran yabo.

A nan na fito da abin da na adana tun Kurfi. Na ce, "Ranka ya daɗe, in mutum shina da shanu ɗari, suka koma hamsin. Bambanci hamsin. In aka sa ƙarami a ƙasa, hamsin bisa hamsin ke nan, ɗari cikin ɗari. Wai shanun duk sun ƙare. Ga hamsin kuwa a tsaye suna kiwo."

Wani a tsakiyar aji ya ce "Kai!" da ƙarfi, ya toshe bakinsa. Hedimasta ya daɗe yana duban allo. Bai dubi wajen taga ba ko sau ɗaya, mu ma ba wanda ya yi ƙarfin halin dubawa. Ya ɗauki alli ya rubuta: a raba da inda aka taso. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Sannan ya ce duk wanda bai samu ashirin da biyar ba ya miƙe, ya dube ni ya ce, "Ɗaya-ɗaya. Bismillah."

Mutum ashirin da uku a tsaye, hannu a baya. Daga bencin gaba ake farawa, monita kuwa yana can ƙarshe, sai na shiga damuwar kada hannuna ya mutu kafin in isa. Na riƙa yi da yatsu, daidai yadda zai yi ƙara hedimasta ya ji, ina ajiye tafin. A benci na uku na iske abokina. Ya dube ni, kuma na san malamin Kurfi yake tambayata da ido. Na mare shi kamar kowa na wuce. Daga ranar bai ƙara raba ƙuli-ƙuli da ni ba, ya kuma nemi a canza masa gado. Wannan ya dame ni daga baya, amma a lokacin ko a jikina, idona na kan bencin baya.

Da na iso gaban monita sai na ga ashe ban kai kafaɗarsa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ya yi min tsawo." Hedimasta ya ce ya sunkuyo. Ya sunkuyo. Na naɗe hannun rigata a hankali, ninki uku. Na hura tafina. Na ja baya taki ɗaya na kawo shi tun daga ƙugu, da duk abin da na tara na mako uku. Ƙarar ta sa 'yan aji shida suka leƙo ta taga. Hularsa ta faɗi ƙarƙashin benci, idonsa ya kawo ruwa, kuma kowa ya gani. Hannuna ya yi zafi har kafaɗa, ban taɓa jin zafi mai daɗin wannan ba.

Amma da na juyo zan koma wurina, sai na ji raina bai kwanta ba. Uku aka yi mini, ɗaya na rama. Biyun da suka rage ma ba na faɗuwa ba ne, na gardama ne, kuma ba monita ya yanke su ba. Na tsaya a tsakiyar aji.

Hedimasta ya ce, "Ka gama?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, cewa ka yi duk wanda bai samu ba?"

"Haka na ce."

Na juya na dubi Malam a jikin taga. Ban nuna shi da hannu ba, na dai tsaya ina dubansa, hannun rigata a naɗe. Sai kawunan aji suka bi idona ɗaya bayan ɗaya. Malam ya sunkuyar da kai yana kakkaɓe alli daga rigarsa, alhali babu alli a jikinta. Ba na jin abin ya wuce ƙirga goma, amma ya ishe ni.

Hedimasta ya ce in bi shi ofis. A can ya ce lissafina daidai ne, tarbiyyata ce ke da gyara, ya sa na kwanta a benci ya yi mini bulala shida masu kyau. Bayan ta shida ya tambaye ni ko na yi nadama. Na san amsar da ake so, na kuma san in na ba da ita zan tashi in tafi.

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe."

Ya ƙara mini biyu.